Tsaftace Tabarmar Kaba da Kwandunan Tukurwa: Yadda Ake Raba Su da Ƙura da Fumfuna

Tabarmar kaba, faifai, adudu da kwandon da aka saƙa da zaren tukurwa duk daga ganyen itace suka fito. Kabar da ake saƙa tabarma da ita ganyen goruba ce tun tana ƙarama, a yanko ta, a shanya, a tsaga. Zaren tukurwa kuwa siririyar fata ce da ake ɓarowa daga bayan sabon ganyen tukurwa, itacen da ke son fadama da bakin rafi, wanda ya fi yawa a kudanci, har ma an san garin Ikot Ekpene na Jihar Akwa Ibom da sana'ar saƙarsa. A Nijar kuma an san Madawa da tabarmin kaba masu ado. Duk inda aka saƙa su halinsu ɗaya ne: ko bayan ganyen ya bushe, bai daina hulɗa da iska ba. Idan iska na ɗauke da laima sai ya sha ya ɗan kumbura ya yi laushi, idan ta bushe sai ya saki ruwan ya yi tauri. Wannan ne ya sa masaƙa ke yayyafa wa kaba ruwa kafin su fara aiki, kuma shi ne ya sa tabarmar da babu wanda ya zuba wa ruwa take iya yin fumfuna a tsakiyar damina.

Shekara ta raba wa waɗannan kaya matsala biyu. Daga wajen Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu na kwaso ƙura mai laushi daga Sahara, mafi yawanta daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, ta cusa ta cikin kowace kafa ta saƙa. Daga Yuni zuwa Satumba kuma damina ce, musamman markar watan Agusta, lokacin da akan yi kwana biyu ko uku rana ba ta fito sosai ba. Mutane da yawa na ɗaukar ƙura da fumfuna a matsayin abubuwa biyu da ba su da alaƙa, alhali ɗaya ce ke share wa ɗaya hanya. Ƙurar da ta maƙale a tsakanin saƙa tana haɗuwa da gumi, da man shafawa, da ɓurɓushin tuwo, da garin da ya zube, kuma duk wannan abinci ne ga fumfuna. Ita ƙurar ma tana riƙe danshi. Tabarmar da ta shiga damina da dattin hunturu a jikinta ita ce ke fara yin baƙi.

Fumfuna halitta ce mai rai. Ƙwayoyin irinta suna yawo a iska a kowane ɗaki, ba a ganinsu, kuma babu sharar da za ta kawar da su gaba ɗaya. Abin da suke jira shi ne danshi, ɗumi, abin ci, da wurin da iska ba ta motsi. Idan laimar iska ta haura kashi 70 cikin ɗari ta daɗe a haka, suna iya tsirowa ko da ba a jiƙa kayan ba. Idan kuwa kayan sun jiƙe, kwana ɗaya zuwa biyu ya ishe su su fara. A ƙasar Hausa ba a rasa ɗumi, abin ci kuma shi ne jikin kabar kansa, saboda haka abin da mai gida ke da iko a kansa shi ne danshi da motsin iska. Daga nan ne babbar ƙa'idar aikin ta fito: duk ruwan da za a sa wa tabarma ko kwando, a tabbata zai fita a ranar. Wankin da aka yi da la'asar, ko a ranar da hadari ya haɗu, ya fi rashin wankin illa.

Mafi yawan tsaftar da tabarma ke buƙata ba ta ruwa ba ce. A ɗauke ta a fitar da ita tsakar gida, a rataya a kan igiya ko katanga, bayanta na fuskantar mai aikin, a bubbuga ta da tafin hannu ko siririyar sanda. Dalilin bugun ta baya shi ne ƙurar ta fita ta inda ta shiga. Ba a son duka mai ƙarfi, musamman a hunturu, domin a lokacin kaba ta bushe ƙarau, kuma sanda mai nauyi na karya ta a bakin ɗinkin da ya haɗa shafi da shafi. Bayan bugu sai a shimfiɗa ta a share da tsintsiyar laushi ko buroshi mai taushin gashi, ana bin yadda saƙar ta kwanta. Sharar da ta gitta saƙa tana tura ƙura ciki, tana kuma tayar da silin kaba, wanda daga baya ke sukar mai zama. A juya ta a share ɗaya gefen, sannan a share daɓen da take kai kafin a mayar da ita. Wannan na ƙarshe shi ake yawan mantawa, alhali rabin dattin tabarma a ƙarƙashinta yake taruwa. A lokacin hazo, yin haka sau biyu a mako ba ya yin yawa. A sauran shekara sau ɗaya ya wadatar.

Kwando da faifai sun fi son hannu mai sanyi. A kifa kwandon a bubbuga gindinsa da yatsu, abin da ke ciki ya zubo, sannan a bi layin ɗinki da tsohon buroshin haƙori ko buroshin fenti mai laushi. Wuraren da datti ke ɓuya su ne cibiyar gindi, inda saƙar ta fara, da ƙarƙashin baki, da inda hannu ya haɗu da jiki. Zaren tukurwa ya fi kaba laushi da sheƙi, amma ya fi ta saurin tsagewa idan aka goge shi da abu mai kaushi, don haka soson ƙarfe da buroshin wanki ba su da wuri a nan.

Idan kakkaɓa ba ta fitar da datti ba, sai a koma ga goga da danshi. A zuba ruwa mai ɗumi kamar lita huɗu a bokiti, a narkar da sabulu ɗan kaɗan, kamar ƙaramin cokali ɗaya, yadda ruwan zai yi santsi ba tare da kumfa mai yawa ba. A tsoma tsumma mai tsafta a matse shi har ya daina ɗiga, a goge tabarmar sashe-sashe ana bin saƙa, sannan a bi da wani tsumman da aka tsoma a ruwa zalla don ɗauke sabulun. Sabulun da ya saura a jikin kaba yana danƙo, yana kama ƙura. Kanwa da ruwan toka, duk da amfaninsu a wasu wanke-wanken, ba su dace da wannan aiki ba, domin suna mayar da farar kaba ta yi ɗorawa ko ja-ja, suna kuma sauya launin rini. Sinadarin bilic na farar da tabo nan take, amma yana cin ƙarfin zare, bayan 'yan watanni sai a ga wurin yana karyewa.

Kayan da aka yi wa rini suna buƙatar gwaji kafin a taɓa su da ruwa. A jiƙa farin tsumma a danna shi a wani lungu da ba a gani, kamar gindin kwando, na tsawon minti ɗaya. Idan ja ko kore ko shuɗi ya fito a jikin tsumman, launin zai zuba, kuma da zarar jan rini ya malala cikin farin zare ba ya fita. Irin wannan kwando sai dai buroshi busasshe, ko goga da tsumman da kusan babu ruwa a jikinsa, ana yi wa kowane launi dabam.

Akwai bambanci mai muhimmanci tsakanin tabarma da faifai a kan batun ruwa. Tabarmar kaba saƙa ce shimfiɗaɗɗiya, iska na ratsa ta daga gefe zuwa gefe, saboda haka idan ta yi datti ƙwarai, misali bayan biki, ana iya kwara mata ruwa da sassafe a ranar da ake da tabbacin rana, a goge, a ɗauraye, a jingina ta ta tsane. Faifai da adudu da yawancin kwandunan tukurwa masu ado kuwa naɗi ne: ana ɗaure ɗan damin ciyawa ko tsagin kaba a tsakiya, a yi ta zagaye shi da zare ana ɗinke kowane zagaye da na ƙasansa. Idan aka tsoma irin wannan a ruwa, ciyawar da ke ciki ta sha, zaren waje ya bushe cikin awa ɗaya ko biyu, hannu ya taɓa ya ji babu danshi, amma cikin na iya kwana biyu a jiƙe. Fumfunar da ta fara daga can ba a ganinta sai ta ɓullo ta ramukan ɗinki kamar ɗigon baƙin tawada, kuma a lokacin ta riga ta yi nisa. Saboda haka ba a jiƙa faifai a cikin baho, ko da kuwa an rufe ƙwaryar fura da shi nono ya taɓa shi. A goge wurin nan take da tsumma mai danshi, a sa shi a iska.

Shanya ita ce rabin aikin da ya fi nauyi. Kuskuren da aka fi yi shi ne shimfiɗa jiƙaƙƙiyar tabarma a kan siminti ko ƙasa: sama ya bushe, ƙasa ya kwana da ruwa. Abin da ya dace shi ne a rataya ta a kan igiyoyi biyu da ke kusa da juna, yadda iska za ta shiga tsakani, ko a ɗora ta a kan gadon kara, ko a jingina ta a tsaye da ɗan tazara daga bango. A juya ta bayan kamar awa biyu. Farar tabarmar kaba na jure ranar hantsi ta awa uku ko huɗu, kuma zafin na taimakawa wajen rage wari da korar ƙwari. Amma a bar ta yini guda a ranar bazara, ko a riƙa mantawa da ita a waje kwana da kwanaki, yana sa ta yi garas ta riƙa karyewa idan an naɗe. Kayan rini kuwa inuwa mai iska ta fi musu, ƙarƙashin rumfa ko bishiya, domin rana na dusashe launi, kuma abin da ya dushe ba ya dawowa. Ko a rana ko a inuwa, a shigar da kaya kafin magariba, kada raɓa ta mayar da aikin baya.

Kwando mai danshi yana ɗaukar duk siffar da aka bar shi a ciki. Idan aka rataye shi ta hannu, nauyin ruwan na ja shi ya yi tsawo, bakinsa ya karkace. Gara a kifa shi a kan duwatsu uku ko sanduna biyu yadda iska za ta shiga ta ƙasa, bayan wani lokaci a miƙar da shi gindin ya sami tasa iskar. Mai laushin jiki a cusa masa busasshen zane ya riƙe siffarsa, a cire zanen idan ya sha danshi. Faifan da ya fara lanƙwasa a kwantar da shi a kan wani abu mai kafofi, kamar rariya, a ɗan danne shi da abu mara nauyi. Idan marka ta hana rana fitowa, fankar ɗaki da taga a buɗe sun fi jira amfani. Kusa da murhu ma na busarwa, amma da tazara mai kyau, domin busasshiyar kaba na kama wuta da sauri, hayaƙi kuma na barin danƙo.

Sanin cewa kaya sun bushe har ciki yana da alamu. Wanda bai gama bushewa ba yana da sanyi idan aka ɗora bayan hannu a kansa, ya fi nauyin da aka saba, kuma ba ya ƙarar ƙas-ƙas idan aka lanƙwasa shi. Wuraren da za a duba su ne masu kauri: bakin tabarma da aka ninke, da layin ɗinki, da cibiyar faifai. Akwai gwajin da ba ya ƙarya. A sa faifan, ko kusurwar tabarmar, cikin farar leda a ɗaure, a ajiye a rana na rabin awa. Idan gumi ya taru a cikin ledar, da sauran ruwa a ciki.

Ga misalin da ake yawan samu a gidaje. A tsakiyar Agusta yaro ya zubar da kunu a kan tabarmar kaba da daddare, aka goge da tsumma, aka naɗe ta aka jingina a kusurwar ɗaki, gindinta a kan daɓe. Bayan kwana uku aka warware, sai wari irin na ɗakin da ya daɗe a rufe ya tashi, ga wani gari-gari fari mai ratsin kore ya bi wurin da kunun ya zuba, faɗinsa kamar tafin hannu biyu, ga kuma ɗigo-ɗigon baƙi a gefen da ya taɓa ƙasa. Abubuwa uku ne suka haɗu a nan: sitacin kunu da ya shige cikin saƙa, naɗin da ya toshe iska, da danshin da daɓe ke fitarwa a damina.

Matakin farko shi ne a fitar da ita waje a naɗe, kada a kakkaɓe a cikin ɗaki, domin garin nan ƙwayoyin iri ne, zai bazu ya sauka a kan katifa da tufafi. Mai aikin ya rufe hanci da baki da takunkumi ko mayafi, mai ciwon asma da ƙananan yara su yi nisa. Kada a fara da ruwa: fumfuna mai danshi idan aka goga ta shafewa take yi, ta shige ciki. A shanya tabarmar tukuna, awa biyu ko uku a rana idan ta samu, har garin ya bushe, sannan a share shi da busasshen buroshi, mai sharar ya tsaya ta inda iska ke tahowa don ta kwashe garin daga gare shi. Bayan haka a haɗa farin ruwan khal, wanda ake sayarwa a shaguna mai ƙarfin kashi 5 cikin ɗari, da ruwa daidai wa daida, kofi ɗaya da kofi ɗaya. A tsoma tsumma a matse, a goge wurin gaba da baya, a zarce iyakar tabon da faɗin yatsu huɗu, domin saiwar fumfuna takan wuce inda ido ke gani. A bar shi kamar minti goma sha biyar, a bi da tsumman ruwa zalla, a rataya. Warin khal na tafiya da kansa idan ya bushe. Ga ƙaramin kwando mai naɗi, sifirit na kantin magani mai ƙarfin kashi 70 cikin ɗari ya fi dacewa, domin yana tashi da sauri bai jiƙa ciki ba, sai dai a gwada shi a kan rini tukuna, a kuma nisanta shi da wuta. Abu ɗaya da ba a taɓa yi shi ne haɗa khal da bilic, domin haɗin na fitar da iska mai guba da ke ƙona ido da huhu.

A irin wannan misali farin garin na fita tas, amma baƙin ɗigon na gefe yakan bar tabo, domin launinsa ya shiga cikin kabar. Tabon kansa ba illa ba ne idan ya bushe kuma ba ya ƙaruwa. Hanyar tabbatarwa ita ce a duba bayan mako guda: idan faɗinsa bai canza ba kuma babu wari, aikin ya yi. Idan ya dawo, ko dai tabarmar ba ta bushe ba, ko kuma an mayar da ita kusurwar da ta jawo matsalar tun farko.

Ajiya ce ke hana a sake maimaita wannan wahala. Tabarma naɗe ta ake yi, ba ninkewa ba, domin ninki na karya kaba a layi ɗaya. Naɗin ya kasance sako-sako, a ɗora shi a kan maratayi, ko kan wasu sanduna, ko saman kabad, nesa da daɓe da kuma bangon da ruwan sama ke duka ta waje. Wannan na kare ta daga gara ma. A damina, tabarmar da ake kwana a kai a ɗaga ta kowace safiya, kada a bar ta a shimfiɗe dare da rana, musamman a kan ledar ɗaki, wadda ba ta barin gumi ya wuce. Kayan ado da na ɗakin amarya da ba a amfani da su kullum, kada a ɗaure su a leda don gudun ƙura, domin leda na kulle danshin da ke ciki. Tsohon zanen auduga ko rigar matashi na tare ƙura kuma yana barin iska ta wuce. Ba a cusa kwanduna cikin juna da ƙarfi, kuma yana da kyau a fito da su su sha iska duk bayan mako biyu har damina ta wuce. A hunturu matsalar takan juya: idan kwando ya bushe har yana ƙara, goga ɗaya da tsumma mai ɗan danshi na dawo masa da laushi. Shafa masa man gyaɗa ko wani mai don ya yi sheƙi ba dabara ba ce, domin mai na kama ƙura, yana kuma yin ɗoyi idan ya daɗe.

Akwai lokacin da gyara ba ya amfani. Idan aka lanƙwasa kaba ta farfashe ta zama gari a hannu, ko baƙin ya ratsa daga gaba zuwa baya a wuri mai faɗi, ko warin ya dawo bayan an yi magani sau biyu, zaren ya riga ya ruɓe. Tabarmar kwanciya da ta kai wannan hali ba ta dace da ɗakin barci ba, musamman na jariri ko mai ciwon ƙirji. A kayan abinci kuwa ma'aunin ya fi tsauri. Wasu nau'o'in fumfuna da ke kama gyaɗa da masara suna fitar da guba mai cutar da hanta, wadda dafuwa ba ta kashe ta, kuma ido ba ya iya bambance mai guba da mara guba. Faifan bakace, ko na rufe ƙwarya, ko kwandon zuba gyaɗa da fumfuna ta shiga cikin naɗinsa, a daina sa masa abinci ko da an goge samansa ya yi fes. Ana iya mayar da shi mazubin gawayi ko kayan aikin tsakar gida, a sayi sabo don abinci.